Yadda Ake Ɗumama Miya a Maikirowef Ba Tare da Tsakiyarta Ta Tsaya da Sanyi Ba

Duk mai amfani da maikirowef ya san wannan matsalar. A ciro miya daga firij, a saka ta minti uku, a buɗe a tarar gefen kwano yana tafarfasa, kwanon ma ba ya taɓuwa don zafi, amma da an nutsa cokali a tsakiya sai a ji miyar da ɗan ɗumi kawai, naman kuwa cikinsa sanyi ƙalau. Da yawa sukan ce na'urar ce ta lalace, ko kuma su ƙara mata minti biyu a jere, gefen ya ƙone ya bushe, tsakiyar kuma har yanzu ba ta kai ba.

Lafiyar na'urar ƙalau. Haka take aiki, kuma ƙarin lokaci shi kaɗai ba ya gyara abin. Abin da ke gyara shi abu uku ne: a rufe kwanon, a riƙa tsayawa ana juya miyar, sannan a bar ta ta ɗan zauna kafin a ci. Maganar kuma ta wuce ta daɗin baki. Miyar nama da ta kwana tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma wurin da zafi bai kai ba nan ne suke tsira.

Dalilin da tsakiya ke tsayawa da sanyi

Maikirowef ba shi da wuta a ƙasa kamar murhu. Igiyoyin lantarki yake watsawa cikin akwatinsa, su shiga abincin su motsa ruwan da ke ciki, wannan motsin ne ke zama zafi. Sai dai igiyoyin ba sa nisa a cikin abinci mai ruwa. Yawancin ƙarfinsu yana ƙarewa ne a santimita ɗaya zuwa biyu na farko, daga gefe da daga sama. Maganar da ake yi cewa maikirowef daga ciki yake dafa abinci zuwa waje ba haka take ba ga kwanon miya. Idan faɗin kwanon ya kai santimita 15, zurfin miyar kuma santimita 7, to akwai wani dunƙule a tsakiya da igiyoyin kusan ba sa isa gare shi. Wannan wurin sai dai ya jira zafi ya ratso daga gefe, kuma ratsowar tana da nawa ƙwarai.

Gishiri yana ƙara tsananta abin. Ruwan da ke da gishiri ya fi ruwa zalla saurin shanye igiyoyin, saboda haka ƙarfin yana ƙarewa tun a bakin kwano. Miyarmu kuwa ga gishiri, ga magi, wata ma har da kanwa. Shi ya sa kofin shayi yake ɗumama kusan bai ɗaya, amma miyar da ke cikin kwano mai irin girmansa sai gefenta ya tafasa ya bar tsakiya.

Sai kauri, wanda a ganina shi ne babban abin da ya kamata mai girki ya fahimta. Ruwa mai tsinkewa, kamar romon farfesu, idan gefensa ya yi zafi yakan taso sama, mai sanyin ya sauka, ya riƙa gauraya kansa da kansa. Miyar agushi, ta gyaɗa, ta taushe, ta kuka, da jar miyar da aka soya ta kama jikinta, ba sa wannan yawon. Inda zafi ya sauka nan yake tsayawa. Idan hannu bai kai shi tsakiya da cokali ba, babu mai kai shi.

Akwai kuma wuraren da igiyoyin ke taruwa da wuraren da suke rauni a cikin akwatin, tazarar da ke tsakanin wuri mai zafi da na kusa da shi kamar santimita shida ce. Don haka ne aka sa farantin gilas mai juyawa. Yana rage matsalar, amma ba ya kawar da ita.

Zafin da ake nema

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kai abinci digiri 70 na ma'aunin Salshiyos, a kuma bar miya da romo su tafasa don a tabbatar sun kai. Ma'aikatar noma ta Amurka ta sa digiri 74 ga abincin da aka sake ɗumamawa. Ni dai lissafin da nake riƙewa shi ne 75, don ya fi sauƙin tunawa kuma ya rufe duka biyun. Sharaɗin shi ne a same shi a wuri mafi sanyi na kwanon, wato tsakiyar miyar da cikin yankan nama mafi girma. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma miyar da baki ke ji da ɗumi mai daɗi sau da yawa tana cikin wannan tazarar ce.

Kafin a kunna na'urar

A ɗebi iya abin da za a cinye yanzu, a mayar da sauran firij nan take. Fito da robar miya gaba ɗaya a ɗumama, a ci kaɗan, a mayar, gobe a sake, shi ne hanya mafi sauri ta lalata miya, don kowane zagaye tana bi ta cikin wancan zafin da ƙwayoyin ke so har sau biyu, wajen hawa da wajen sauka.

Kwanon da ya dace shi ne mai faɗi, mara zurfi, mai zagaye, na gilas ko tangaran. Faɗin yana shimfiɗa miyar yadda igiyoyin za su ratsa mafi yawanta, kuma zurfinta kada ya wuce santimita huɗu zuwa biyar, kamar gaɓa biyu na yatsa. Mazubi mai kusurwa huɗu yana tara zafi a kusurwoyin, nan ne miya ke fara bushewa ta yi baƙi. A kuma bar sarari, miyar kada ta wuce kashi biyu cikin uku na kwanon, saboda tana tasowa idan ta tafasa.

Kwanon silba, samira, langa da duk wani abu na ƙarfe ba sa shiga. Haka tangaran mai zanen ruwan zinare a baki, wannan zanen ƙarfe ne kuma yana tartsatsi. Farantan melamin, waɗanda suka yi kama da tangaran amma ba su da nauyi, su ma ba na maikirowef ba ne. Game da roba kuwa, ko da an rubuta mata microwave safe a gindi, ni ban so a ɗumama miya mai mai a cikinta ba. Ruwa yana tsayawa a digiri 100, amma manja da man gyaɗa suna wuce nan sosai, kuma daidai layin da man ya kwanta za a ga robar ta yi fari-fari ta yi kaushi, alamar ta fara narkewa. Baƙar leda da farin mazubin soso na abincin sayarwa kuwa babu ma maganarsu. Juye miya a tangaran ba ya cin rabin minti.

Sai nama. Duk yankan da ya fi girman ƙwan kaza a raba shi biyu ko uku tun yana da sanyi, a jera su ta gefen kwano inda zafi ya fi yawa. Ganda, hanta da ƙoda suna fashewa da ƙara idan tururi ya taru a cikinsu, don haka a yanka su ƙanana. Dafaffen ƙwai da ke cikin jar miya a cire shi ko a raba shi gida huɗu. Ƙwai guda, ko da an ɓare shi, yana iya fashewa bayan an fito da shi, a lokacin da aka soka masa cokali ko haƙori, kuma ƙunar da yake yi ba ƙarama ba ce.

Miyar da ta kwana a firij takan ƙara kauri. A zuba mata ruwa cokali biyu zuwa uku na cin abinci, a farfasa ta da cokali har ta saki. Idan tana da kaurin da za ta tsaya, a ture ta gefe-gefe a bar rami a tsakiya, kamar yadda mai kwaɓa fulawa ke buɗe rami kafin ya zuba ruwa. Da haka an cire wurin da ya fi wahalar ɗumama tun kafin a fara.

Murfi

Mutane da yawa suna rufe kwano ne don kada miya ta ɓata bangon na'urar. Wannan amfani ne, amma ƙarami. Babban aikin murfi shi ne riƙe tururi. A buɗaɗɗen kwano, saman miya yana ta asarar zafi yayin da ruwa ke tashi, sai ya bushe ya yi fata, naman da ya leƙo sama kuma ya yi tauri. A rufaffen kwano tururin yana komawa kan miyar ya sauke zafinsa a ko'ina, har da tsakiyar saman da kan naman. Zafi mai laima kuma ya fi busasshe kashe ƙwayoyin cuta.

Farantin tangaran da aka kifa a kan kwanon ya wadatar, a ɗan goce shi gefe kaɗan don tururi ya sami mafita. Murfin roba mai huda da ake sayarwa don maikirowef shi ma yana yi, muddin bai taɓa miyar ba. Abin da ba a yi shi ne danne murfi ya kama gam. Tururi zai taru ya cilla shi, ko kuma idan kwanon ya fara hucewa murfin ya tsotse ya ƙi buɗuwa. Idan za a ɗaga murfi, a fara ɗaga gefen da ke nesa da fuska, a kuma riƙe da tsumma. Ƙunar tururi a hannu ta fi ta ruwan zafi saurin kamawa.

Misali: kwano ɗaya na miyar agushi da nama

Mu ɗauki giram 400 na miyar agushi, abin da zai ishi babban mutum ɗaya da tuwo, da yankan naman sa uku, an ciro ta daga firij tana kan digiri 5. Na'urar mai wat 700 ce, irin ƙananan da suka fi yawa a gidaje. Ana samun wannan lambar a takardar da ke manne a bayan na'urar ko a bakin ƙofarta. Lambobi biyu ake rubutawa, abin da take ja daga lantarki da abin da take bai wa abinci, ƙaramar ita ce ta abincin.

A lissafi, ɗaga giram 400 na abu mai ruwa daga digiri 5 zuwa 75 da wat 700 yana cin ƙasa da minti uku kaɗan. Amma kwanon yana shan nasa zafin, tururi yana tafiya da wani, saboda haka a aikace a sa ran minti huɗu zuwa biyar. Muhimmin abu shi ne ba a ba da mintocin nan a dunƙule. Rarraba su ake yi.

Zagaye na farko. An zuba ruwa, an farfasa, an yanka nama, an rufe. A ajiye kwanon a ɗan gefen farantin gilas maimakon tsakiyarsa daidai, domin abin da ke tsakiya yana juyawa ne a wuri guda, na gefe kuwa yana ratsa wurare masu ƙarfi da masu rauni. A ba shi minti biyu a kan High. Da an buɗe za a ga manja ya narke, bakin kwano ya fara ƙananan kumfa, tsakiya kuwa har yanzu da sanyi. Haka ya kamata a gani, ba alamar matsala ba ce.

Yanzu sai juyawa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Kewaya cokali sau biyu a saman miya ba juyawa ba ne. A kankaro miyar da ke manne a bangon kwano a kawo ta tsakiya, a ɗebo ta tsakiya tun daga ƙasa a kai ta gefe, a yi ta haka kamar daƙiƙa goma sha biyar, har launin da kaurin su zama iri ɗaya, babu wani curi mai tauri. A juya kowane yankan nama, wanda ke sama ya koma ƙasa, a nutsa shi cikin miyar. Bayan an juya za a ga tururin ya ragu, miyar gaba ɗaya ta koma ɗumi-ɗumi. Wannan shi ne ainihin zafinta, wancan tafasar ta gefe ruɗi ce.

Zagaye na biyu. A mayar da murfi, a ba ta minti ɗaya da rabi. Ga miya mai kauri irin agushi na fi son a sauko da ƙarfin zuwa Medium High a nan, ko kashi 70 cikin ɗari ga na'urar da ke nuna lamba, a ƙara mata rabin minti. A yawancin na'urori rage ƙarfi yana nufin tana kunnawa tana kashewa, za a ma ji ƙarar tana canzawa. A ɗan lokacin da ta kashe ne zafi ke samun damar ratsawa ciki ba tare da gefe ya ƙone ba, kuma fallatsin miya yana raguwa. Da ta tsaya a sake juyawa kamar na farko.

Zagaye na uku. Minti ɗaya. Abin da ake so a gani idan an ɗaga murfi shi ne kumfa yana tasowa har a tsakiya, kuma bayan an juya tururi mai ƙarfi ya ci gaba da fita daga ko'ina. Idan bai kai ba, a riƙa ƙara daƙiƙa talatin-talatin ana juyawa tsakani. Kada a ƙara minti biyu a lokaci guda a wannan matakin, agushi yana saurin kamawa ya tsage, mai ya rabu da shi.

Sannan a rufe a bar ta minti biyu, ko a cikin na'urar ko a kan tebur. Wannan jiran yana cikin girkin. Lokacin da na'urar ta tsaya, romon da ke kewaye da nama yana dab da tafasa, amma cikin naman yana iya kasancewa can ƙasa. A cikin minti biyun nan zafi yana ci gaba da shiga naman, wuraren da suka yi zafi fiye da kima suna sauka, masu sanyi suna hawa, har su kusanci juna. Wanda ya ɗauke murfi ya fara ci nan take ya yanke wannan aikin, kuma shi ne zai ƙona harshe da loma ta farko ya tarar da sanyi a ta uku. Idan naman manya ne ko masu ƙashi, a kai jiran minti uku. Murfin dole ya zauna a kai, in ba haka ba miyar hucewa kawai take yi.

Duka aikin bai wuce minti takwas ba. Na'ura mai wat 900 ko 1,000 za ta rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin kunnawa, amma yawan juyawa da tsawon jira ba sa canzawa. Hasali ma mai ƙarfi ta fi bukatar juyawa, don tana tafasa gefe da sauri fiye da yadda zafi ke iya ratsawa.

Yadda za a gane ta kai

Ma'aunin zafi na abinci, mai tsinin ƙarfe, shi ne kaɗai ke ba da amsa tabbatacciya, kuma duk gidan da ke yawan ajiye miya a firij ya cancanci a saya. Bayan jiran, a soka shi a tsakiyar miyar ba tare da ya taɓa gindin kwano ba, a jira lambar ta tsaya, sannan a soka a cikin nama mafi kauri, nesa da ƙashi. Duka biyun su kai 75. Ba a barin sa cikin na'urar tana aiki.

Idan babu ma'auni, akwai alamu da za a haɗa. A tsaga nama mafi girma a ga tururi yana fita daga cikinsa. A nutsa cokalin ƙarfe a tsakiyar miyar daƙiƙa goma, a ciro a kusanta shi da bayan hannu a hankali, ya kasance da zafin da ba za a iya jure taɓa shi ba. A kuma taɓa ƙasan kwanon ta waje, daidai tsakiya. Idan bakin kwano yana ƙuna amma gindinsa ɗumi kawai, miyar ba ta kai ba.

Akwai alamu biyu da ke yaudarar mutane. Na farko zafin kwano, domin wasu tangaran suna shan igiyoyin su yi zafi fiye da abin da ke cikinsu. Na biyu narkewar mai. Manja yana narkewa tun a wajen digiri 35, kitsen shanu kuma tsakanin 40 da 50. Ganin mai ya kwanta yana sheƙi a saman miya bai nuna komai ba face ta bar sanyin firij.

Kowace miya da halinta

Farfesu ya fi kowace miya ruɗi. Romonsa yana gauraya kansa, ya tafasa da wuri, a ɗauka an gama, alhali ƙafar sa ko kan rago da ke ciki bai ji komai ba. A nan juya romo ba shi ne damuwa ba, juya naman ne da tsawon jira. A tabbata romon ya rufe naman, a yi amfani da matsakaicin ƙarfi na tsawon lokaci, a bar shi minti uku a rufe. Farfesun kifi kuwa ba ya son cokali, yana dagargajewa. A ɗaga kwanon da tsumma a ɗan kaɗa shi, a ɗebi romo a zuba a kan kifin, a juya shi sau ɗaya kawai.

Miyar kuka da ta kuɓewa suna riƙe tururi a ƙarƙashin yauƙinsu har ya taru ya fashe, ya watsa miya ko'ina. Suna bukatar ƙarin ruwa, kwano mai sarari, matsakaicin ƙarfi, da juyawa duk bayan minti ɗaya. Ɗanyar kuɓewa kuma idan ta daɗe a wuta yauƙinta yana tsinkewa, koren ya dushe, don haka da ta kai a tsaya.

Jar miya mai yawan mai takan yi zafi sosai a sama inda man yake, tumatirin da ke ƙasa yana baya. A gauraya man da miyar a kowane zagaye. Idan da shinkafa za a ci, gara a ɗumama kowanne daban, shinkafar a yayyafa mata ruwa a rufe. Haka ɗumamen tuwo: malmala guda a tsakiyar miya ita ce za ta zama wurin sanyin. A yanka tuwon, a yayyafa ruwa, a ɗumama shi shi kaɗai a rufe, sannan a haɗa.

Miyar da ta daskare

Ƙanƙara kusan ba ta shan igiyoyin maikirowef, ruwa kuwa yana sha sosai. Saboda haka da ɗan gefe ya narke sai ya kwashe ƙarfin duka, ya tafasa, alhali tsakiya tana nan kamar yadda aka ciro ta daga firiza. Ga shi kuma narkar da ƙanƙara kaɗai yana cin ƙarfi daidai da ɗaga wannan ruwan daga sifili zuwa digiri 80. Ke nan daskararriyar miya tana bukatar fiye da ninki biyu na lokacin ta firij.

Mafi sauƙi shi ne a sauko da ita cikin firij tun da dare. Idan ba a yi ba, a tsoma gindin robar a ruwa har curin ya saki, a juye shi a tangaran, a rufe, a sa Defrost ko kashi 30 cikin ɗari. Duk bayan minti biyu a buɗe, a kankare abin da ya yi laushi, a farfasa curin da cokali. Sai babu sauran ƙanƙara ko kaɗan, har a cikin naman, sannan a koma matakan da aka bayyana a sama. Miyar da aka narkar a maikirowef a ƙarasa ɗumama ta nan take, ba a ajiye ta sai anjima, don wasu sassanta sun riga sun yi ɗumi. Wanda ke daskarar da miya a ƙananan mazubai masu faɗi, kowanne na ci ɗaya, ya rage wa kansa rabin wannan wahalar.

Idan wuta ba ta da ƙarfi

Duk lokutan da na ambata sun dogara ne da cikakkiyar wuta. Idan wutar ta yi ƙasa, fitilar na'urar za ta kama, farantin ya juya, agogo ya ƙirga, amma zafin da take bayarwa ya ragu sosai, wani lokaci ma babu shi. Na'ura mai wat 700 tana jan fiye da wat 1,000, don haka ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta yadda ya kamata. A irin wannan rana agogo ba abin dogaro ba ne, sai alamun da ke cikin kwanon. Idan an yi zagaye biyu miyar ba ta motsa ba, a juye ta a tukunya.

Tukunya ce kuma ta fi idan miyar ta gida duka ce. Ƙarfin na'urar ɗaya ne ko me aka saka, kwano biyu suna cin kusan ninkin lokacin kwano ɗaya, lita guda ta miya mai kauri kuwa sai an yi ta buɗewa ana juyawa fiye da minti goma. A kan wuta za ta tafasa a kusan wannan lokacin, kuma ana ganin tafasar da ido.

Abin da ɗumamawa ba ta gyarawa

Zafi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma wasunsu suna barin guba a cikin abinci idan ya daɗe a waje, kuma wannan gubar ko tafasa ba ta lalata ta. Shinkafar da ta wuni a buɗe tana cikin abubuwan da aka fi sani da wannan, haka miyar da aka yi ta sa wa hannu. Akwai kuma wata ƙwayar da ke jure girki ta farfaɗo a babbar tukunyar miyar nama da ke hucewa a hankali, ta jawo murɗar ciki da gudawa awa 6 zuwa 24 bayan an ci. Ba lallai miyar ta yi tsami ko wari ba.

Don haka a sa miya a firij cikin awa biyu da saukewa, a lokacin bazara da zafi ke wuce digiri 32 kuwa cikin awa ɗaya, a rarraba ta a ƙananan mazubai don ta yi saurin hucewa. A firij mai sanyi sosai tana kai kwana uku zuwa huɗu. Idan an ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu ne. Miyar nama da ta wuce haka har ta bar sanyi, ko ta fara kumfa, ko ta canza ƙamshi, zubar da ita ake yi.

Idan yaro ƙarami ko tsoho za a ba, kada a tsaya a ɗumi don gudun ƙona masa baki. Su ne cutar abinci ta fi kayarwa. A kai miyar cikakken zafinta, a bar ta ta zauna, sannan a ɗebi nasu a faranti mai faɗi, a juya, a jira ta huce, a ɗanɗana daga wurare biyu ko uku kafin a ba su. Abin da ya rage a kwanon bayan an ci kuma ba ya komawa firij.